An Gyara Fayif Amma Mahaɗin Bai Daina Yoyo Ba: Yadda Ake Sake Aikin Gam Da Tef Daki-Daki

Tun da rijiyoyin burtsatse masu sola suka yawaita a ƙauyukanmu, tambaya ɗaya ce ake ta maimaita mini, a masallaci da kasuwa da wajen aiki: "Malam, mun sa gam, mun naɗa tef, me ya sa har yanzu yake ɗiga?" Na amsa ta da baki har na gaji, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta ta yadda nake yin aikin da hannuna.

Zan bi ta kan wani aiki da na yi a wani ƙauye a yankin Ringim. Gidan wani dattijo ne mai tanki a kan ƙarfe, tsawonsa kamar mita 4, da fayif mai milimita 32 da ya sauko ya bi ƙarƙashin ƙasa zuwa famfon ƙofar gida inda maƙwabta ke ɗiba. Amalanken shanu ya taka wurin da fayif ɗin bai yi zurfi ba, ya fashe. Ɗansa ya gyara sau biyu. Da na iso na tarar da mahaɗin ya sha gam har ya yi tudu, an ɗaure shi da robar tsohon tif, ƙasan wurin kuma ya zama taɓo. A can gindin tanki ma, inda bawul yake, ruwa na tsattsafowa ta tiredi, wato zaren da ake murɗawa a ɗaura bawul ɗin.

Dattijon ya ce, "Ɗana, gwangwani guda fa muka ƙarar a nan."

Na ce, "Baba, ko goma za a ƙarar, muddin daga waje ake shafawa ba zai tsaya ba."

Dalili kuwa shi ne, abin da muke kira gam ɗin fayif ba ya aiki irin na gam ɗin takalmi. Narkar da fatar robar yake yi, ta fayif da ta soket, wato ɗan guntun bututun da ake haɗa fayif biyu da shi, idan aka cusa ɗaya cikin ɗaya suka matsu, sai su haɗe su zama abu guda bayan sinadarin ya bushe. Duk matakan da ke tafe hidimar wannan narkewar suke yi. In ka riƙe wannan, sauran ba wuya.

1. Gano ainihin inda ruwan ke fita

Goge wurin da busasshen tsumma, ka tsuguna ka zuba ido. Ruwa na bin jikin fayif ya gangara, sai ka ga ɗigo a wuri ɗaya alhali ɓarakar tana sama da nan. Naɗa ƴar takarda ko ƙyalle a saman inda kake zargi. In ta jiƙe, matsa sama.

Abu uku za ka iya tararwa. In ruwan na fitowa daga bakin soket, tsakaninsa da fayif, aikin gam ne ya lalace. In daga tiredi yake, ko dai tef ne ko an tsaga abin da aka ɗaura. In kuwa ka ga wani siririn layi kamar gashi a jikin soket ko adafta, wato mahaɗin da gefensa ɗaya ke da tiredi, layin yana bin tsawonsa, tsagewa ce, kuma babu maganinta sai canji.

Hattara: mahaɗin gam da ya yi yoyo ba ya gyaruwa da ƙarin gam, ko sufa gulu, ko narkakkiyar leda, ko robar tif. Robar tif za ta iya kai ka ranar kasuwa, iyakarta ke nan. Yanke shi za ka yi.

2. Tabbatar da irin fayif ɗin kafin ka tafi kasuwa

Nan ne mutane da yawa ke yin asarar kuɗin mota. Karanta rubutun da ke jikin fayif. Wanda aka rubuta wa PVC ko uPVC, mai tauri, fari ko ruwan toka, shi ne gam ke ci. Wanda aka rubuta wa PPR, galibi kore, da injin zafi ake haɗa shi, gam ba ya narkar da shi ko kaɗan. Baƙin nan mai lanƙwasuwa da ke zuwa a naɗe, wanda masu noman rani ke shimfiɗawa, shi ma gam ba ya kama shi, yana da nasa mahaɗin mai murɗawa da zoben roba a ciki.

Sai batun awo, wanda shi ne ya fara kayar da yaron gidan nan. A kasuwanninmu akwai fayif na awon inci, akwai na milimita, kuma mai shago kan kira su da suna ɗaya. Fayif mai inci 1 kaurinsa daga waje ya kai milimita 33 da ɗoriya, shi kuwa ɗan'uwansa milimita 32 ne cif. Haka inci uku bisa huɗu ya haura milimita 26, takwaransa kuma 25. Bambancin ɗan kaɗan ne a ido, amma in ka sa fayif 32 a soket na inci 1 zai riƙa girgiɗi a ciki, gam kuma ba ya cike gurbi irin wannan. Abin da ya faru a gidan ke nan: soket ɗin na inci ne, fayif ɗin na milimita.

Don haka ka yanki guntun tsohon fayif ɗin ka sa a aljihu. A shagon, ka gwada shi a cikin soket ɗin a gaban mai shago.

3. Kayan aiki da lissafin kuɗi

Ga abin da na zo da shi: soket biyu, yuniyon ɗaya, wato mahaɗi mai ɓari biyu da goro ke ɗaure su, guntun fayif kamar rabin mita, sabon adafta, ƙaramin gwangwanin gam, farin tef biyu, zarto mai ƙananan haƙora irin na yankan ƙarfe, magagari, samfefa, fensir, da tsumma mai tsabta.

Farashi na canjawa daga kasuwa zuwa kasuwa, amma tsarin kuɗin ba ya canjawa. Soket da tef su ne mafi araha, gam da yuniyon sun fi su tsada, abin da ya fi duka cin kuɗi kuwa shi ne komawa Gujungu ko cikin Ringim karo na biyu saboda soket ɗaya. Sayi soket ɗaya ko biyu na rara. A wajen gam kuma ɗauki ƙaramin gwangwani, domin babban in ka buɗe ka ajiye a ɗakin kwano, kafin ka sake buƙatarsa ya daskare.

Hattara: ka girgiza gwangwanin ka buɗe tun a shago. Gam mai kyau yana zuba daga buroshi kamar zuma mai ruwa-ruwa. In ya yi kauri kamar kamu, ko yana tsinkewa gunduwa-gunduwa, sinadarin da ke narkar da roba ya riga ya tsere. Kada ka tsinka shi da fetur ko tina. Zai koma ruwa a ido, amma ba zai ci roba ba.

4. Tsayar da ruwa, ka busar da wurin sarai

Rufe bawul ɗin tanki, kashe injin, buɗe famfon da ya fi kowanne ƙasa ruwan ya tsiyaye. Ka haƙa ramin ya wuce ƙarƙashin fayif ɗin da kamar taki ɗaya, ruwan da zai zubo ya sami wurin kwanciya ba tare da ya taɓa bakin fayif ba. Ka kuma tone tsawon fayif ɗin aƙalla mita ɗaya kowane gefe, za ka ga amfaninsa nan gaba.

Ruwa shi ne babban maƙiyin gam. In gam ya haɗu da danshi sai ya yi fari-fari, ya daskare a sama kamar fatar madara, bai ci robar ba. Yaron ya faɗa mini cewa lokacin da yake shafawa ruwa na ɗan ɗiga, ya ɗauka ba komai. Ɗigo ɗaya da ya bi ta cikin mahaɗin yana barin hanya, wannan hanyar ce ruwa zai bi har abada.

In bawul ɗin ba ya rufewa ruf, ɗaga bakin fayif ɗin sama ka tokare da dutse. In hakan bai yiwu ba, murza tsakiyar burodi ka cusa can ciki, zai riƙe ɗigon na ƴan mintuna, daga baya ya narke ya fita ta famfo. Amma kada ka cusa tsumma ko leda, an sha mantawa da su a ciki.

5. Yanka, gyaran baki, da gwaji a bushe

Yanke ruɓaɓɓen mahaɗin, ka ƙara kamar yatsu uku kowane gefe har ka isa lafiyayyen fayif wanda ba tsaga, ba tsohon gam. Yankan ya zama a miƙe. Dabarar ita ce ka naɗa takarda a jikin fayif, gefenta ya haɗu daidai, ka bi da fensir. Fayif ɗin da aka yanka a karkace gefe ɗaya ne kawai ke isa ƙarshen soket.

Kankare ɓarɓashin baki ciki da waje. Sannan ka ɗauki magagari ka ɗan fiƙe gefen bakin na waje, ya yi ɗan gangare kewaye. Wannan matakin kusan kowa na tsallake shi, ni kuwa ba na yafe shi ko ina sauri. Baki mai kaifi in ya shiga soket yana share gam ɗin ne ya tura shi gaba, ya bar bango a bushe.

Yanzu gwada ba gam. Fayif ya shiga da sauƙi zuwa kashi ɗaya cikin uku, ko biyu cikin uku na zurfin soket, sannan ya fara cijewa. In ya zarce har ƙarshe yana rawa, ba nasa ba ne. Auna zurfin soket ɗin, na milimita 32 yakan kai kamar milimita 22, ka sa alamar fensir a jikin fayif daidai wannan tsawon. Alamar ce za ta gaya maka ko ya shige duka.

A aikinmu giɓin da ya rage bayan yanka santimita 30 ne. Fayif ɗin da ke binne ba ya matsawa, saboda haka na sa soket a gefe ɗaya, yuniyon a ɗaya gefen. Na jera su a ƙasa kusa da giɓin, na auna tsakanin inda fayif zai tsaya a cikin kowanne, na yanki guntun daidai nan. In ba ka da yuniyon, soket biyu za su yi, amma mahaɗin ƙarshe sai ka ɗaga fayif ɗin ya lanƙwasa kafin ya shiga, abin da ya sa na ce a tone da tsawo ke nan.

Hattara: kada ka gasa bakin fayif a wuta don ka buɗa shi ya zama soket. Na san ana yi, na kuma san dalili, soket ya yi nisa. Amma wuta na ƙona robar, bangon ya yi siriri, bakin ba ya fita da'ira sosai. A fayif ɗin zubar da ruwan wanka za a iya lallaɓawa. A layin da inji ke turawa, nan zai fara fashewa.

6. Shafa gam da haɗawa

Goge ƙura da maiƙo daga bakin fayif da cikin soket. In ka sami ruwan goge fayif da ake sayarwa tare da gam, yi amfani da shi. In babu, bi da samfefa mai laushi sama-sama har ƙyallin ya dushe, musamman fayif ɗin da ya daɗe a rana, sannan ka share garin. Kada ka ci robar da yawa, matsewar nan ita ake nema.

Daga nan komai da hanzari ne, don haka ka jera kayanka kusa. Shafa siririn gam a cikin soket, ko'ina ya samu. Shafa mai ɗan kauri a jikin fayif, daga baki har alamar fensir, kewaye gaba ɗaya, har ƙasan da ido ba ya gani. Mafi yawan yoyon da nake tararwa a ƙasan fayif yake, inda buroshi bai kai ba saboda mai aikin yana tsaye daga sama. Tun gam ɗin na ɗanye ka tura fayif ɗin da ƙarfi har alamar ta taɓa bakin soket, kana ɗan murɗawa kamar rubu'in zagaye don gam ya bazu. Sai ka riƙe cak, ka ƙirga talatin a hankali. Cikin soket tsukakke ne daga can ƙasa, in ka saki da wuri zai turo fayif ɗin waje kana kallo.

Duba bakin. Ya kamata ka ga zoben gam ya fito kewaye ba yankewa. In akwai inda ba zobe, gam bai isa wurin ba. Share rarar da tsumma, kada ka sake murɗa shi.

Yawan gam ma ɓarna ne. Wanda aka lafta a cikin soket yana taruwa a cikin fayif, ya rage hanyar ruwa, ya yi ta cin bangon har ya yi laushi. In kusa da bawul ne, yana iya gangarawa ya liƙe shi.

Yanayinmu na da nasa sharaɗi. A bazara, fayif ɗin da ya kwana biyu a rana har ƙona hannu yake, gam na bushewa a kansa kafin ka ɗauko soket. Yi aikin da sassafe ko bayan la'asar, ko wani ya riƙe maka tabarma ta yi inuwa. In ka shafa ya bushe kafin ka haɗa, sake shafawa, kada ka tura a haka. A hunturu kuma ƙura ce, juya wa iska baya, ka rufe gwangwani duk lokacin da ka ajiye buroshi. In yuniyon kake sawa, zura goronsa a jikin fayif kafin ka shafa gam, in ka manta sai an sake yanka.

Hattara: gam na kama wuta nan take. Ba sigari, ba murhu a kusa. Warinsa na juya kai, musamman a cikin rami ko banɗaki, sai ka bar iska na shiga, ka kuma kori yara daga wurin.

7. Bangaren tiredi da tef

Da muka koma gindin tanki, na kwance bawul ɗin na tarar da tef ya cure a bakin kamar ƙullin zare, tiredin kansa tsirara. An naɗa shi a juye. Kuma da yaron ya ga yana ɗiga sai ya kawo sifana ya ƙara ɗaurewa, har adaftan roba ya tsage.

Fara da cire tsohon tef kakaf, da allura ko tsohon buroshin haƙori. Duba tiredin, in ya cinye ko ya hau karkace, canja.

Riƙe namijin tiredin bakinsa na kallonka, ka naɗa tef ɗin yadda hannun agogo ke tafiya. Ga gwajin da ba ya kuskure: bayan ka gama, murza yatsunka a kai ta inda macen za ta juya in ana ɗaurawa. In wutsiyar tef ɗin ta kwanta, daidai ne. In ta tashi, warware ka sake.

Fara daga tiredi na biyu, ka bar na farko a buɗe, don ya kama hanya sosai, kuma don guntun tef kada ya shige cikin ruwa ya je ya toshe famfo. Ja tef ɗin da ɗan ƙarfi yana shimfiɗe, ba a murɗe kamar igiya ba, har ka riƙa ganin shatar tiredin ta cikinsa. Tef mai kauri zagaye 3 zuwa 5 ya isa. Siririn nan mai araha da ake ganin yatsa ta cikinsa yana buƙatar fiye da haka. Ma'aunin dai shi ne, in shatar tiredin ta ɓace gaba ɗaya, ka cika.

Ɗaura da hannu har ya tsaya, sannan ka ƙara zagaye ɗaya, in ya yi yawa biyu, da sifana. A nan za ka tsaya ko da kana jin zai ƙara tafiya. Tef na da santsi, yana sa ka ji kamar bai ɗauru ba, tiredin kuma yana ƙara kauri yayin da yake shiga, kamar weji a cikin itace. Macen roba ba ta jure wannan, tana iya tsagewa nan take, tana iya jira sai bayan mako biyu. Saboda haka inda ƙarfe zai haɗu da roba, ka nemi namijin ya zama na roba, macen ta ƙarfe. Namijin ƙarfe a cikin macen roba shi ne ya fi kowane haɗi tsagewa.

Hattara: in ka wuce inda kake so hannun bawul ya kalla, kada ka juyo da shi baya. Tef ɗin ya riga ya matse, juyowa na buɗe masa hanya. Kwance duka ka naɗa sabo. Kada kuma ka shafa gam a kan tiredi, ranar da bawul ya lalace sai dai zarto.

Akwai wuraren da tef ba shi da aiki. Goron yuniyon da mahaɗin da ke jikin tanki da tiyo mai goro, duk zoben roba ne ke tsare ruwansu. In suna ɗiga, duba zoben, ko ya tsufa, ko ya goce, ko yashi ya hau kansa. Tef a kan irin wannan tiredin hana goron isa ya matse zoben yake yi.

8. Jira, sannan gwaji

Dattijon ya matsu, ga mata da jarkoki sun fara taruwa. Ya ce, "Ɗana, a buɗe ne?" Na roƙe shi a bari sai an yi sallar azahar, a lokacin hantsi ne.

Karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwaninka ka bi. Abin da nake yi ni: ƙaramin fayif da ruwan tanki kawai ke bi, ina ba shi awa 2. Tankin da ke kan mita 4 nauyin ruwansa bai kai rabin "bar" ɗaya ba, wato ma'aunin matsin ruwa, tunda sai tsawo ya kai mita 10 ake samun "bar" ɗaya. Layin da ya taso daga injin rijiya zuwa tanki kuwa, ko fayif mai kauri daga milimita 50 zuwa sama, sai ya kwana. Da damina ko sanyin hunturu ina ƙara lokaci, domin gam ba ya saurin bushewa.

In lokaci ya yi, buɗe famfon ƙarshe tukuna, sannan ka buɗe bawul a hankali, iska ta fita ta gaba. In ka buɗe gaba ɗaya famfo na rufe, ruwan na dukan sabon mahaɗi kamar guduma. Bar ruwan ya zuba na ƴan mintuna har warin gam ya tafi, a zubar da wannan, kada a sha. Sai ka rufe famfon, ka goge kowane mahaɗi, ka sa busasshiyar takarda a ƙarƙashi, ka ba shi rabin awa.

Kada ka rufe ramin sai takardar ta fito a bushe. Wajen mayar da ƙasa, fara da yashi ko ƙasa mai laushi, ka cusa ta ƙarƙashin fayif ɗin da hannu ya sami abin kwanciya, domin mahaɗin da ke lilo a kan rami nauyin ƙasa zai danne shi. A gidan dattijon, daidai inda amalanke ke wucewa, mun ƙara zurfin ramin zuwa gwiwa, muka zura fayif ɗin cikin wani tsohon bututun ƙarfe da ke jingine a bayan rumbu, sannan muka binne.